Takardu bakwai aka nema, shida suka tafi: nazarin imel ɗaya na neman kwangila

Wani ƙaramin kamfanin aikin katako a Kano ya ga sanarwar wata ƙungiya mai zaman kanta da ke neman wanda zai kawo mata teburan makaranta guda 120, irin waɗanda ke haɗe da benci. Sanarwar ta ce a turo takardu ta imel kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, 16 ga Mayu, 2025, a kuma rubuta lambar neman, wato `RFQ-014`, a layin taken saƙo. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ko na ƙungiyar ba. A jikin fayiloli za mu kira kamfanin `ABC`.

Abin da aka nema bakwai ne, kuma an jera su da lamba a cikin sanarwar: wasiƙar gabatarwa, takardar farashi mai sa hannu da hatimi, satifiket ɗin rajistar kamfani na CAC, takardar shaidar biyan haraji, shaidar ayyukan da aka taɓa yi, wasiƙar banki, da fom ɗin ƙungiyar da aka cike. Kamfanin yana da dukkan bakwai ɗin a hannu tun ranar Laraba. Farashinsa ma mai kyau ne. Duk da haka kwamitin tantancewa bai kai ga duba farashin ba, an ajiye takardunsa a zagayen farko. Kuma dalilin gaba ɗaya yana cikin saƙo ɗaya da aka tura ƙarfe 3:52.

Mutum uku ne suka taɓa aikin. Manaja shi ne mai yanke farashi da sa hannu. Akanta ya shirya takardar farashi a Excel, kuma a wurinsa takardar haraji take. Sakatariya ce ta tattara komai ta tura daga akwatin Gmail na kamfanin. Takardun sun zo mata ta hanyoyi uku: wasu ta WhatsApp, wasu a filas, ɗaya kuma akanta ya ce mata "tana cikin imel ɗin da na turo miki shekaranjiya". Ranar Juma'a ce, an fita masallaci, ba a dawo an zauna ba sai wajen ƙarfe uku. Ga abin da ya fita:

```
Subject: Quotation
Scan0007.pdf
DOC-20250514-WA0003.pdf
IMG-20250513-WA0021.jpg
quotation final (1).xlsx
letter.docx
form.pdf
```

A jikin saƙon kuma layi biyu ne kacal: gaisuwa, sai "ga takardunmu nan haɗe, mun gode".

Takardar da ba ta tafi ba

Idan ka ƙirga sunayen da ke sama za ka sami shida, sai kuma wani mahaɗin Google Drive da ke ƙasan saƙon, wanda za mu dawo kansa. Sakatariya ta kalli allon ta ga abubuwa bakwai, hankalinta ya kwanta. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne `Scan0007.pdf` da `IMG-20250513-WA0021.jpg` abu ɗaya ne: satifiket ɗin CAC, sau ɗaya an yi masa sikanin, sau ɗaya manaja ya ɗauki hotonsa da waya. Takardar haraji tana can cikin imel ɗin akanta, ba a taɓa sauke ta ba.

Wannan kuskure ba na mantuwa zalla ba ne, suna ne ya ɓoye shi. Ƙidaya ta yi daidai, amma sunayen ba su faɗi abin da ke ciki ba, don haka babu yadda za a yi ido ya gane cewa biyu sun maimaita juna, ɗaya kuma babu. Da an rubuta jerin takardun a jikin saƙon, da sakatariya ta iso lamba ta huɗu ta nemi fayil ɗin da ya dace da ita ta rasa. Shi ya sa muke cewa jerin da ake rubutawa a jikin imel mai turawa ne yake fara cin amfaninsa, kafin mai karɓa.

Wani zai ce ai Gmail yana tunatar da mutum idan ya manta haɗa fayil. Gaskiya ne, Gmail da Outlook duka suna yin haka, amma a san iyakar abin. Manhajar tana neman wasu kalmomi ne a cikin rubutun, irin su `attached`, idan ta gan su kuma ta ga babu fayil ko ɗaya, sai ta tsayar da kai. Ba ta ƙirga, ba ta kuma buɗe fayil ta ga abin da ke ciki. Da ka haɗa guda ɗaya cikin bakwai, ta gamsu. Wanda kuma ya rubuta saƙonsa da Hausa, "na haɗo maka", kada ya jira ta ce masa komai.

Ga yadda jikin saƙon ya kamata ya kasance. Ko da Turanci za a rubuta, ginin ɗaya ne:

"Assalamu alaikum. Dangane da sanarwarku mai lamba RFQ-014 ta teburan makaranta 120, mun haɗo fayiloli bakwai da wannan saƙo, bisa jerin da kuka bayar: 01, wasiƙar gabatarwa, shafi 1. 02, takardar farashi mai sa hannu da hatimi, shafi 2, jimilla naira 4,902,000 har da harajin VAT. 03, satifiket ɗin CAC, shafi 1. 04, shaidar biyan haraji, shafi 1. 05, shaidar ayyukan baya, shafi 9. 06, wasiƙar banki, shafi 1. 07, fom ɗinku da muka cike, shafi 3. Muna roƙon ku tabbatar mana da isowar dukkan bakwai ɗin."

A ainihin saƙon kowace lamba layinta daban. Abubuwa uku ne ke aiki a nan. An faɗi adadin fayiloli da kalma, don mai karɓa ya ƙirga cikin daƙiƙa biyu. An faɗi yawan shafuka, domin sikanin yakan yanke: injin ya ja takarda biyu lokaci ɗaya, fom mai shafi uku ya koma biyu, kuma shafin sa hannu ne sau da yawa ke ɓacewa tunda shi ne na ƙarshe. An kuma rubuta jimillar kuɗin a jikin saƙon, wanda shi kaɗai da ya kama kuskure na biyu. Wannan ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya yi aikin akawu a ofis: a wasiƙar takarda akan sa `Encl.` a ƙasan sa hannu a lissafa abin da ke cikin ambulan. Da aka koma imel ne aka yar da al'adar.

Abu guda a kiyaye: idan sanarwa ta ce kada a bayyana farashi a wajen takardar farashin, kamar yadda akan yi a neman kwangila na rufe, sai a bar adadin a cikin jerin da ake dubawa a ofis, kada ya shiga saƙon.

Farashin da ya tafi ba shi aka amince da shi ba

Ranar Talata akanta ya sa kowane tebur a naira 41,000. Guda 120 sun kama 4,920,000, VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama 369,000, jimilla 5,289,000. Ranar Alhamis da daddare manaja ya samu sauƙin katako daga wani dillali, ya kira akanta ya ce a mayar da shi 38,000. Sabon lissafi ya zama 4,560,000, VAT 342,000, jimilla 4,902,000. Bambancin naira 387,000 ne, kuma a gasar farashi irin wannan shi ne tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na huɗu.

Akanta ya gyara, ya adana da suna `quotation final new.xlsx`. To amma a foldar `Downloads` ta sakatariya akwai `quotation final.xlsx` da kuma `quotation final (1).xlsx`. Ta ɗauki mai lamba ɗaya a baka, a zatonta shi ne sabo. Wannan lambar ba mutum ne ya sa ta ba. Duk lokacin da ka sauke fayil mai suna iri ɗaya da wanda ke cikin foldar, burauza ce ke ƙara `(1)` don kada ya danne na farko. Ba ta nufin an gyara komai. A nan fayil ɗin Talata ne aka sauke sau biyu.

Kalmar `final` ita ce ta fi kowace yaudara a sunan fayil, domin tana faɗin abin da mai rubutawa yake fata a lokacin ne. Da an sake taɓa takardar, sai a shiga `final new`, `final final`, `final corrected`, har a rasa wanne ne ya biyo bayan wanne. Maganinsa lamba ce mai hawa: `v01`, `v02`, `v03`, kowane gyara lamba ta gaba, mutum ɗaya ne kuma ke da ikon ƙara lambar. Wanda manaja ya sa wa hannu shi kaɗai ake mayarwa PDF a fitar da shi zuwa foldar turawa. Sauran su zauna a wata folda mai suna `tsofaffi`, inda hannu ba zai kai gare su cikin gaggawa ba.

Akwai ɓarna ta biyu a cikin wannan fayil ɗin, kuma ta fi ta farko ciwo. An nemi takardar farashi mai sa hannu da hatimi, aka tura Excel, wanda babu sa hannu a jikinsa. Sannan a cikinsa akwai shafin da akanta ya ɓoye, inda ya lissafa kuɗin katako, ƙusa, fenti, ladan kafinta da ribar kamfani a kan kowane tebur. Ɓoye shafi a Excel ba kulle shi ba ne. Duk wanda ya danna dama a kan sunan shafi ya zaɓi `Unhide` zai gan shi. Haka Word yake riƙe gyare-gyaren `Track Changes` da sharhin gefe, don haka `letter.docx` ma bai kamata ya fita a haka ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da za a karanta kawai, a tura shi PDF. Excel ko Word sai idan mai karɓa ya nema don zai yi aiki a ciki, kuma ko a lokacin a bi ta `File > Info > Check for Issues > Inspect Document` a ga abin da ke ɓoye. A yi wannan a kan kwafi, saboda abin da ya goge ba lallai ya dawo ba.

Wani tarko da ke kusa da wannan: mutum ya gyara adadi a fayil da ke buɗe a gabansa, bai danna `Save` ba, ya koma imel ya haɗa. Abin da ya tafi shi ne wanda ke kwance a kan faifan kwamfuta, ba wanda ke kan allo ba. Kuma daga lokacin da ka haɗa fayil, kwafi ne ya shiga saƙon. Duk gyaran da ka yi bayan nan bai shafe shi ba, sai ka cire ka sake haɗawa.

Yadda ake raɗa wa fayil suna

A yi tunanin jami'in saye da ke ɗaya ɓangaren. Kamfanoni da dama sun turo, ya sauke komai cikin folda ɗaya. Yana da `letter.docx` har guda biyar, `form.pdf` kusan na kowa. Da fayil ya bar cikin imel ɗin da ya zo da shi, sunansa ne kaɗai shaidarsa. Don haka suna mai kyau yana amsa tambaya huɗu ba tare da an buɗe ba: na wane aiki ne, daga wa, na nawa ne a jeri, mene ne shi. Ga yadda bakwai ɗin suka kamata su fita:

```
RFQ-014_ABC_01_Cover-Letter.pdf
RFQ-014_ABC_02_Quotation_2025-05-16.pdf
RFQ-014_ABC_03_CAC-Certificate.pdf
RFQ-014_ABC_04_Tax-Clearance.pdf
RFQ-014_ABC_05_Past-Jobs.pdf
RFQ-014_ABC_06_Bank-Reference.pdf
RFQ-014_ABC_07_Vendor-Form.pdf
```

An yi amfani da kalmomin Turanci ne saboda da su aka rubuta sanarwar. Jami'in yana riƙe da takardar dubawa mai waɗannan kalmomi, yana sa alama. Idan sunanka ya yi daidai da nasa, ba sai ya yi tunani ba. Idan kuwa sanarwar ta ba da nata tsarin suna, a bi shi harafi da harafi, a ajiye namu.

Sifirin da ke gaban lamba yana da aiki. Akwai manhajoji da rumbunan ajiya da ke jera suna harafi bayan harafi, sai ka ga 10 ya zo kafin 2. Da `01`, `02` har `10` jerin ba ya rikicewa a ko'ina. Kwanan wata kuma a fara da shekara, sai wata, sai rana, bisa tsarin ISO 8601. Dalili biyu ne. Na farko, fayiloli za su jeru bisa lokaci da kansu. Na biyu, `05-06-2025` a wurinmu 5 ga Yuni ne, amma a wurin Ba'amurke 6 ga Mayu ne, kuma ƙungiyoyi da yawa suna da ma'aikata daga ƙasashe daban-daban. `2025-06-05` ba ya karɓar fassara biyu. Ba kowane fayil ne ke bukatar kwanan wata ba. Satifiket ɗin CAC ba ya canzawa, farashi kuwa yana canzawa, shi ya sa shi kaɗai ya ɗauka.

Windows ba ya yarda da waɗannan alamomi a cikin suna:

```
\ / : * ? " < > |
```

Wannan ne dalilin da ba za ka iya rubuta kwanan wata da layin karkace ba. Tazara tsakanin kalmomi tana yiwuwa, amma idan fayil ya hau shafin intanet takan koma `%20`, sunan ya yi muni, don haka gara layin ƙasa ko gajeren layi.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, da alamar da ke gaban 'y, a bar su a cikin takarda, kada su shiga sunan fayil da zai fita waje. Sabbin na'urori suna karanta su lafiya, amma idan aka matse fayil cikin zip da tsohuwar manhaja, ko aka ɗora shi a wani tsohon rumbun ofis, sukan koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙen da ba a gane su, wani lokaci ma a ƙi karɓar fayil ɗin. `Wasika` da `Kudi` a sunan fayil ba cin mutuncin harshe ba ne, kiyaye saƙo ne.

Kada a taɓa abin da ke bayan ɗigon ƙarshe. Windows yana ɓoye wannan wutsiya idan ba ka ce ya nuna ba, kuma mutane sukan ɗauka cewa mayar da `.jpg` zuwa `.pdf` ta hanyar sauya suna ya mayar da hoton PDF. Bai mayar ba. Sai dai mai karɓa ya danna ya ga saƙon cewa fayil ya lalace. Hoto yana zama PDF ne ta `Print` a zaɓi `Microsoft Print to PDF`, ko ta manhajar sikanin.

Mahaɗin da bai buɗu ba

Shaidar ayyukan baya shafi tara ce: takardun ba da aiki uku, takardun kammalawa uku, hotunan tebura uku. Manaja ya ɗauke su da waya, kowane hoto tsakanin megabait uku da huɗu, aka haɗe su PDF ɗaya mai megabait 31. Gmail ba ya tura abin da ya wuce megabait 25 a matsayin fayil. Sai ya ɗora shi a Google Drive ya sa mahaɗi a madadinsa. Lokacin turawa ya fito da tambaya kan wa za a ba izinin gani, sakatariya ta bar wa adireshin da take turawa kaɗai ta wuce. Jami'in saye ya miƙa saƙon ga 'yan kwamiti uku, kowannensu ya danna ya ga `You need access`. Babu ɗan kwamitin da zai tsaya roƙon izini daga mai neman kwangila. Akwai ma ƙungiyoyin da ba sa karɓar mahaɗi sam, saboda mai fayil yana iya sauya abin da ke ciki bayan wa'adi ya wuce.

Asalin matsalar nauyi ne, kuma ana magance shi tun wurin sikanin. Takarda mai rubutu ba ta bukatar launi ko kaifi mai yawa. A sa injin a 200 dpi, launin toka, shafi ɗaya yawanci ba zai kai rabin megabait ba, kuma ana karanta shi sarai. A bar launi ga shafin da ke da hatimi ko hoto. Da an yi haka, shafuka taran nan ba za su wuce megabait huɗu ko biyar ba. Bayan an rage nauyi a buɗe a ƙara girman shafin a duba lambar rajista da kwanan wata, don matsewa idan ta yi yawa ƙananan lambobi take fara ci. Haka hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto: manhajar tana rage ingancinsa. A ce wa mai turowa ya turo ta `Document`.

Kuma iyakar Gmail ba ita ce iyakar mai karɓa ba. Imel yana mayar da fayil zuwa rubutu kafin ya ɗauke shi, wannan kuma yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyi: megabait 9 yakan isa a matsayin 12. Idan ofishin da kake turawa ya sa iyaka a megabait 10, saƙon zai dawo, sanarwar dawowar kuma takan iso bayan ka tashi daga kan kwamfuta. Idan sanarwa ba ta faɗi iyaka ba, a yi ƙoƙari jimillar komai kada ta wuce megabait bakwai. Idan ba yadda za a yi, a raba saƙo biyu, a rubuta a take "RFQ-014, ABC, saƙo na 1 cikin 2", kowanne da jerin abin da ke cikinsa da abin da ke cikin ɗan'uwansa.

Tsarin da zai hana wannan

Aikin yana farawa ne ranar da aka ga sanarwa. A buɗe folda ɗaya da lambar neman, a kwafo jerin abubuwan da aka nema daga sanarwar kanta, ba daga ka ba, a rubuta sunan wanda zai kawo kowanne. Duk takardar da ta iso, a buɗe ta, a tabbatar ita ce, a raɗa mata suna nan take, sannan ta shiga foldar. A nan ne ake duba abin da suna ba zai nuna ba, kamar ko takardar harajin ta bana ce ko ta bara, ko wasiƙar banki tana ɗauke da sunan kamfani daidai da na satifiket. Da sakatariya ta yi haka, tun ranar Laraba gurbin 04 zai kasance a buɗe yana kallonta.

Ranar turawa kuma a juya tsarin da aka saba. A fara haɗa fayiloli, daga wannan folda kaɗai, a zaɓe su duka lokaci ɗaya. A jira sandar ɗorawa ta kowanne ta cika, musamman idan sabis yana rawa. Sai a rubuta jerin a jikin saƙo ana kallon abin da aka haɗa. Sai take. Adireshin mai karɓa shi ne na ƙarshe, domin saƙon da babu adireshi ba zai tafi ba ko da yatsa ya zame.

Kafin a sa adireshin, a buɗe kowane fayil daga cikin saƙon, ba daga folda ba. Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ke kama tsohon farashi, shafin da ya juye, da fom ɗin da aka cike a kwamfuta amma ya fita fanko. Idan akwai mutum na biyu a ofis, ya riƙe sanarwar yana karanto lamba ɗaya-ɗaya, mai turawa yana amsawa da abin da ya gani: "Na biyu, takardar farashi." "Ga ta, shafi biyu, miliyan huɗu da dubu ɗari tara da biyu, akwai hannun Yallaɓai da hatimi." Ba ya wuce minti biyar. Shi ya sa wa'adin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, a ofis a ɗauke shi a matsayin sha biyun rana.

A Gmail a shiga `Settings` a mayar da `Undo Send` daƙiƙa 30. Yana zuwa a kan 5 ne, kuma 30 ce iyakarsa. Jinkirta fitar saƙon yake yi, ba dawo da shi ba. `Recall` na Outlook kuwa a cikin ma'aikata ɗaya yake aiki, ba zai ciro saƙo daga akwatin wata ƙungiya ba. Bayan turawa a leƙa `Sent` a sake ƙirgawa, a kuma zauna kamar minti goma ana duba ko saƙon ya dawo.

Gyaran da aka yi, da wanda ya kamata

Ƙarfe 4:20 akanta ya tambayi sakatariya ko ta ga takardar harajin, nan asiri ya tonu. Ta buɗe saƙon da ta tura, ta danna `Reply`, ta haɗa takardar, ta rubuta "ga wadda muka manta". `Reply` ba ya ɗauko fayilolin saƙon farko, `Forward` ne ke ɗaukowa. Don haka jami'in ya samu saƙo na biyu mai fayil ɗaya, babu lambar neman a take, bayan wa'adi da minti ashirin da wani abu. Tsohon farashi yana nan yadda yake, mahaɗin kuma bai buɗu ba, domin har lokacin babu wanda ya buɗe abin da aka tura ya duba.

Idan an gano kuskure ɗaya, a ɗauka akwai wani, a buɗe komai kafin a sake turawa. Sannan saƙon gyara ya zama cikakke, mai tsayawa da ƙafarsa: dukkan fayiloli bakwai, ba wanda ya ɓace kaɗai ba, don kada jami'i ya riƙa haɗa guntaye daga saƙo biyu. Take ya ce "RFQ-014, ABC, gyara: ya maye gurbin saƙon ƙarfe 3:52". Layin farko ya faɗi abin da ya canza ba kwana-kwana: "Muna roƙon ku yi watsi da saƙonmu na ƙarfe 3:52. Ba mu haɗa 04 ba, 02 tsohon farashi ne, 05 kuma ya zo a mahaɗi. Wannan saƙo yana ɗauke da dukkan bakwai." Fayil ɗin da ya canza ya ɗauki alama a sunansa, kamar `_rev1`, don kada ya danne tsohon a foldar mai karɓa ba tare da ya sani ba.

Ko za a karɓi gyaran, wannan ya rage ga ƙa'idar masu sanarwa. Kafin wa'adi akan karɓi wanda ya zo daga baya idan ya faɗi a fili cewa ya maye gurbin na farko. Bayan wa'adi, sauya farashi abu ne da kwamiti mai tsare gaskiya ba zai yarda da shi ba, tunda zalunci ne ga sauran masu nema. A wannan lamari jami'in ya amsa ranar Litinin da layi ɗaya: takardun ba su cika ba a lokacin rufewa.